Kulle akwati kafin a ba da ajiya: yadda muke adana takardun ƙungiya da rclone crypt



Duk ƙungiyar da ta kwana biyu a nan Kudu tana da tarin takardun da ba nata ba ne, na mutane ne. Akwai rajistar mambobi da lambobin wayarsu da garuruwansu na asali. Akwai hotunan takardar NIN da aka karɓa lokacin yin katin shaida, da takardun rumfuna da na haya, da littafin gudummawa, da sunayen marayu da zawarawan da ake taimaka wa a asirce. Wani lokaci har da rubutaccen sulhun da dattawa suka yi tsakanin mutum biyu, wanda aka yi alkawarin ba zai fita ba. Idan aka bar su a kabad ɗin ofis, gobarar kasuwa ko ruwan damina na iya cinye su a dare ɗaya. Idan aka ɗora su a intanet yadda suke, sun tsira daga wuta, amma sun shiga hannun kamfanin da ba mu san kowa a cikinsa ba.

Ni ne nake taimaka wa sakataren ƙungiyarmu da abin da ya shafi kwamfuta, kuma ina so in bayyana hanyar da muka bi, domin na san akwai masu irin wannan nauyi a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Fatakwal. Hanyar ita ce a kulle fayil tun yana cikin kwamfutarka, sannan a ɗora shi. Abin da ya isa wurin kamfanin tarkace ne da ba ya karantuwa. Sai dai zan faɗa tun yanzu cewa kullewar ba ita ce mai wuya ba. Riƙon makullin ne aikin.

Ai kamfanin ma yana kullewa?

Wannan ita ce tambayar farko da wani dattijo a kwamitinmu ya yi, kuma tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne, Google Drive da ire-irensa suna kulle fayil a kan hanya, suna kuma kulle shi a inda suke ajiye shi. Amma makullin yana hannunsu. Shi ya sa idan ka ɗora hoto za ka ga ɗan ƙaraminsa a shafin, kuma idan ka rubuta wata kalma a wurin bincike sai a fito maka da takardar da kalmar take ciki. Na'urarsu ta iya buɗe takardar ke nan. Haka kuma duk wanda ya sace kalmar sirrin asusunka, ko ya karɓe layin wayarka ya shiga da shi, zai ga komai a buɗe kamar yadda kake gani.

Na ba shi misali da abin da ya sani. Idan za ka aika kaya gida ka ba direba a buhu, ka dogara ne da amanarsa da ta yaran motarsa. Idan ka zuba su a akwatin ƙarfe ka sa kwaɗonka, ka riƙe makulli, direba zai san nauyin akwatin da ranar da ka ba shi, amma bai san abin da ke ciki ba. Kuma tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yuni na 2023, riƙe bayanan mutane ba amana ce kawai tsakaninmu da Allah ba, akwai doka a kansa.

Ƙofa biyu, ɗaki ɗaya

Manhajar rclone kyauta ce, wani ɗan Birtaniya mai suna Nick Craig-Wood ne ya ƙirƙire ta, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Aikinta kwashe fayiloli tsakanin kwamfuta da rumbunan ajiya na intanet. Ba ta da maɓallai masu launi, umarni ake rubuta mata a baƙin allo. Wannan yana tsorata mutane da farko, amma umarnin da muke amfani da su ba su kai goma ba.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, rclone tana ba kowace ma'ajiya suna, ni kuwa ina kiran su ƙofofi. Da farko mun haɗa ta da asusun Google Drive na ƙungiya, muka sa wa wannan ƙofa suna `gdrive`. Duk abin da ya bi ta nan yana shiga a buɗe. Sannan muka gina ƙofa ta biyu a kan ta farko, irin wadda ake kira `crypt`, muka sa mata suna `sirri`. Ita ba wata ma'ajiya ce dabam ba. Tana kaiwa ne ga wata folda mai suna `ajiya` a cikin Google Drive ɗin nan dai, amma duk abin da ya bi ta cikinta sai an kulle shi kafin ya bar kwamfuta, kuma duk abin da aka sauko da shi ta cikinta sai ya iso sannan a buɗe shi.

Ana gina ta ne da umarnin `rclone config`, a zaɓi `n` domin sabuwa, sannan a amsa tambayoyin kamar haka:

```
name> sirri
Storage> crypt
remote> gdrive:ajiya
filename_encryption> standard
directory_name_encryption> true
```

Amsa ta huɗu da ta biyar suna nufin a rikita sunayen fayiloli da na foldodi su ma. Kada a raina wannan. Fayil mai suna «marayun gidan wane» ya riga ya tona rabin asiri ko da ba a buɗe shi ba. Akwai zaɓin `obfuscate`, amma shi jujjuya haruffa kawai yake yi, mai naci zai iya warware shi. Akwai kuma `off`, wanda yake barin suna a fili.

Daga nan sai ta nemi kalmar sirri. Za ka iya rubuta taka, ko ka danna `g` ta ƙirƙiro maka. Mu mun bar ta ta ƙirƙiro, muka zaɓi ƙarfin 128, ta ba mu jerin haruffa da lambobi guda 22. Dalili shi ne kalmar da mutum ya zaɓa da kansa yawanci sunan ɗansa ne ko garinsu da shekarar haihuwa, kuma wanda ya sami kullallun fayilolin yana da lokacin da zai yi ta gwaji ba mai hana shi. Bayan ta farko sai ta nemi kalma ta biyu, wadda masana ke kira gishiri, domin ana cuɗa ta da ta farko ne wajen ƙera makullin. Ba dole ba ce, amma mun sa. Wanda ya sa ta ya sani cewa daga ranar ta zama dole: in babu ita, ta farkon ba ta buɗe komai.

Ranar da muka ɗora

Mun tattara komai a folda ɗaya a kwamfutar ofis, `C:\kungiya`, fayil ɗari huɗu da 'yan kai, nauyinsu ya ɗan haura gigabayit 1, yawancinsu hotunan takardu. Asusun Google na kyauta yana ba da gigabayit 15, wanda ake rabawa da Gmail da Google Photos, don haka wuri ya ishe mu. Umarnin ɗorawa shi ne:

```
rclone copy C:\kungiya sirri:kungiya -P
```

Harafin `-P` yana nuna yadda aikin ke tafiya. Sabis ya yanke mana ana tsakiyar aiki, kamar yadda aka saba. Ba mu yi asarar data mai yawa ba, domin idan aka sake ba da umarnin, rclone tana tsallake fayilolin da suka riga suka isa, ta ci gaba da sauran.

Da aka gama sai na nuna wa sakatare ɗakin ta ƙofofin biyu:

```
rclone ls sirri:
rclone ls gdrive:ajiya
```

Na farko ya jero sunayen da ya sani, har da `rajista.xlsx`. Na biyu ya jero adadin fayiloli iri ɗaya, amma sunayensu wani abu ne mai kama da `7qk2m9d1vb0hsr4tn6ce8fj3ag`. Muka buɗe shafin Google Drive a waya, shi ma abin da ya nuna ke nan: babu hoto, babu ɗan ƙaramin hoto, babu abin da ke buɗuwa. Wannan dubawa ita ce mafi sauƙi kuma mafi muhimmanci, kuma muna yin ta bayan kowace ɗorawa. Idan ka shiga foldar `ajiya` ta shafin kamfanin ka iya karanta sunan wani fayil, to wannan fayil ya bi ta ƙofar da ba ta kulle ba. Bambancin `sirri:` da `gdrive:` kalma ɗaya ce, kuma rclone ba za ta gargaɗe ka ba, domin a wurinta duka biyun umarni ne ingantacce. Idan hakan ta faru, a goge fayil ɗin, a kuma shiga kwandon shara a goge shi can, domin Google Drive yana riƙe abin da aka goge har kwana 30.

Saura tabbatar da cewa abin da ke can daidai yake da abin da ke nan. Akwai umarni na musamman domin haka:

```
rclone cryptcheck C:\kungiya sirri:kungiya
```

Shi ba ya sauko da fayilolin gaba ɗaya. Yana karanto ɗan kan kowane fayil ne daga can, ya kulle na wurinka da irin wannan kulli, ya kwatanta hatiminsa da hatimin da kamfanin ya lissafa. Don haka ba ya cin data sosai. Abin da ake so a gani a ƙarshe shi ne `0 differences found`.

Abin da direba yake iya gani

Yana da kyau mutum ya san iyakar kwaɗonsa. Ga abin da ke faruwa da fayil idan ya bi ta `sirri`. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 65,536. Ana kulle kowace da tsarin XSalsa20, a liƙa mata hatimi na bayit 16 da tsarin Poly1305. A saman fayil ɗin kuma ana sa kai mai bayit 32, wanda a cikinsa akwai wata lamba da ake zaɓa da ka, sabuwa ga kowane fayil. Saboda wannan lamba, ko ka ɗora takarda ɗaya sau biyu, cikin kullallun biyun ba zai yi kama ba. Saboda hatimin kuma, idan wani ya taɓa ko da bayit ɗaya a can, ko fayil ɗin ya lalace, rclone za ta ƙi buɗe wannan gunduwa ta sanar da kai, maimakon ta ba ka gurɓatacciyar takarda ka ɗauka lafiyayya ce.

Mu ɗauki hoton takarda mai nauyin bayit 200,000. Zai kasu gunduwa huɗu, uku cikakku da guntuwa ɗaya. Hatimi huɗu sun ba da bayit 64, a haɗa da 32 na kai, ya zama 96. A can zai zauna da nauyin 200,096. Wannan lissafi yana nuna abu biyu. Na ɗaya, kullewa ba ta cin wuri ko data da za a damu da shi. Na biyu, wanda ke kallo daga can zai iya mayar da lissafin baya ya san nauyin fayil ɗinka na asali.

Ban da nauyi, kamfanin yana ganin yawan fayiloli, da yadda aka jera su a foldodi, da ranar da aka gyara kowanne, da lokacin da ake ɗorawa da inda ake ɗorowa. Yana kuma iya gane cewa da rclone aka kulle, domin kowane fayil yana farawa da kalmar `RCLONE`. Sunaye kuwa, suna ɗaya kullum rikitacce ɗaya yake bayarwa, don haka idan akwai `rasit.jpg` a folda goma, za a ga suna ɗaya ya maimaitu sau goma, ko da ba a san ma'anarsa ba. A wurinmu wannan bai dame mu ba. Abin da muke karewa shi ne lambar NIN ta mutane da sirrin gidajensu, ba yawan takardunmu ba.

Akwai wani abu game da sunaye da ya shafe mu musamman. Rikitaccen suna ya fi na asali tsawo. Suna mai bayit 15 ko ƙasa yana zama harafi 26, mai 16 zuwa 31 yana zama 52, haka yake hawa. Ma'ajiyoyi da yawa ba sa karɓar sunan da ya wuce 255, don haka iyakar da ba ta kawo matsala ita ce bayit 143 a sunan asali. To haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit biyu yake ci, haka ma haruffan Larabci. Sakatarenmu yana son ya rubuta dukan bayanin takarda a sunanta. Na roƙe shi ya taƙaita, ya bar dogon bayani a cikin rajista.

Sai kuma abin da aka rasa. Ba za ka iya buɗe waya a tasha ka nuna wa wani takarda daga shafin Google Drive ba. Ba za ka iya aika wa mutum mahaɗi ya buɗe ba, ba bincike, ba gyara tare. Saboda haka muka raba kaya biyu. Kundin tsarin ƙungiya da sanarwa da hotunan taro suna wata folda a buɗe. Abin da ya shafi sirrin mutum shi kaɗai ke bi ta `sirri`.

Inda makulli yake kwana

Ga wurin da mutane da yawa suke sakin jiki. Bayan an gama saiti, rclone ba ta sake tambayar kalmomin sirrin nan biyu. Ta ajiye su a wani ƙaramin fayil mai suna `rclone.conf`, wanda umarnin `rclone config file` zai nuna maka inda yake. Idan ka buɗe shi za ka ga kalmomin a rikice, ka ɗauka a kulle suke. Ba a kulle suke ba. An lulluɓe su ne kawai don kada mai leƙe ta kafaɗarka ya karanta, kuma duk wanda ya san rclone zai iya mayar da su. A cikin wannan fayil ɗin kuma akwai izinin shiga asusun Google Drive ɗin kansa. Ma'ana, wanda ya sace kwamfutar ofis, ko mai gyara da aka bar wa ita kwana biyu, ya sami akwati da makulli a lokaci guda.

Maganinsa yana cikin `rclone config` ɗin dai: a zaɓi `s`, wato `Set configuration password`, a sa wata kalma ta uku da za ta kulle fayil ɗin saitin da gaske. Daga nan duk lokacin da za a yi aiki sai an rubuta ta. Wannan ta ukun ita ce sakatare yake haddacewa. Idan ya manta ta ba a yi asara ba, za a iya sake gina saitin daga farko, muddin kalmomi biyun farko suna nan.

Su kuwa biyun farko, in sun ɓata, magana ta ƙare. Babu wurin danna «na manta». Google ba shi da su, wanda ya rubuta rclone ba shi da su, kuma babu wani gwani a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da zai fasa maka. Abin da ya hana ɓarawo shi ne zai hana ka. Ga ƙungiya wannan haɗari ya fi na sata kusa, domin mu mutane ne masu tafiya. Yau sakatare yana nan, gobe ya koma gida noma, ko an yi zaɓe an sauya shi, ko ta Allah ta kasance.

Abin da muka yi shi ne, mun rubuta kalmomin biyu da biro a takarda, kofi biyu, kowanne a ambulan da aka liƙe. Ɗaya yana wurin shugaba, ɗaya yana wurin ma'aji, ba a ofis ba, ba kuma a gida ɗaya ba. A takardar mun rubuta har da sunan foldar da zaɓin da muka yi na `standard` da `true`, domin in an sake gini da wani zaɓi dabam sunaye ba za su buɗu ba. Wajen rubutu mun kula da haruffan da ke kama da juna: sifili da babban O, lamba 1 da ƙaramin l da babban I. Mun ja layi a ƙarƙashin kowane babban harafi, domin a wurin kwamfuta babba da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ba mu ɗauki hoton takardar da waya ba, ba mu aika ta WhatsApp ba. Hoton da aka ɗauka da waya sau da yawa yakan hau Google Photos da kansa, ka ga an kai wa direba makulli har gida.

Wani ya kawo shawarar a ba shugaba kalma ta farko, ma'aji ta biyu, yadda sai sun haɗu za a buɗe. Dabara ce mai kyau ga wanda yake tsoron mutum ɗaya ya yi gaban kansa. Amma tana ninka haɗarin ɓata, domin ɓatan ɗaya ɓatan duka ne. Mai son yin haka sai ya nemi amintattu huɗu, kowace kalma a hannun mutum biyu.

Gwajin da ya fi komai

Takardar da ba a gwada ba, zato ce. Don haka muka ɗauko wata kwamfuta da ba ta taɓa ganin rclone ba, muka kira ma'aji ya zo da ambulansa. Na koma gefe, sakatare ya sa manhajar, ya haɗa `gdrive`, ya gina `sirri` yana kwafar kalmomin daga takarda kawai, sannan ya sauko da folda ɗaya ya buɗe rajista. Ta buɗu. Sai a lokacin muka sake liƙe ambulan.

Kafin mu tashi na sauya harafi ɗaya a kalmar da gangan, domin su ga alamar kuskure da idonsu. Abin da ya faru yana da ban tsoro ga wanda bai sani ba. Manhajar ba ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce. Umarnin `rclone ls sirri:` ya dawo babu fayil ko ɗaya, sai saƙonni masu cewa `Skipping undecryptable`. Dalili shi ne babu wani wuri da aka ajiye kalmar da za a kwatanta da ita. Kowace kalma ka ba ta za ta ƙera makulli da ita, ta gwada, in sunaye ba su buɗu ba ta tsallake su. Wanda ya ga haka kada ya ce kaya sun ɓata, kuma kada ya ɗora komai a wannan hali, domin sabon abin zai kullu da makullin kuskure ya cakuɗu da na gaskiya. Ya duba ta `gdrive:ajiya`. In fayiloli suna nan, matsalar a rubutun kalma take.

Wannan ya kai mu ga sauya kalmar sirri. Ba a sauya ta kamar ta imel. Makullin daga kalmar aka ƙera shi, don haka sabuwar kalma sabon kwaɗo ce, ba ta buɗe tsofaffin akwatuna. Idan ana zargin kalmar ta fita, ko an rabu da mai riƙe da ita ba cikin daɗi ba, sai an gina sabuwar ƙofa mai kaiwa ga sabuwar folda, a sake ɗora komai, a tabbatar da `cryptcheck`, sannan a goge tsohuwar. A sauya kalmar asusun Google ɗin ma, a janye izinin da aka ba tsohuwar kwamfuta. Abin da mutum ya riga ya sauke a wurinsa kuwa ba ya dawowa. Kwaɗo yana tsare bare ne, ba ya gyara zaɓen wanda aka ba amana.

Kulle dabam, tsira dabam

Kullallen fayil yana goguwa kamar kowane fayil. Wanda ya shiga asusun ba zai karanta ba, amma zai iya sharewa. Asusun ma yana iya rufuwa, kuma tun Disamba 2023 Google yana da ƙa'idar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Shi ya sa asusun ya zama na ƙungiya, ba na wani mutum ba, kuma muke ajiye kofi na biyu a faifan ajiya na hannu:

```
rclone copy gdrive:ajiya E:\ajiya -P
```

A nan da gangan muka bi ta `gdrive`, domin a sauko da su a kulle yadda suke. Faifan zai iya kwana a kowace aljihu. Ranar buƙata sai a gina ƙofar `crypt` mai kaiwa ga `E:\ajiya` da kalmomin nan biyu.

A kuma yi hattara da umarnin `sync`. Shi yana mayar da can daidai da nan ne, har da gogewa. Idan wani ya share rabin foldar ofis bisa kuskure aka ba da `sync`, rabin na can ma ya tafi. Mu `copy` muke amfani da shi, wanda ba ya goge abin da ke can, ko da yake yana maye gurbin fayil ɗin da aka gyara. Duk umarnin da ba ka tabbata da shi ba, ƙara masa `--dry-run`, zai faɗa maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba.

Na ƙarshe, a tuna cewa foldar `C:\kungiya` da ke ofis a buɗe take, haka hotunan NIN da mambobi suka turo wa sakatare ta waya. rclone ba ta taɓa waɗannan. Mu dai ƙa'idarmu ita ce, da zarar hoto ya shiga folda an ɗora an tabbatar, sai a goge shi daga wayar da duk inda wayar ta kai shi. Kwamfutar ofis kuma tana da kalmar shiga, ba a ba yara su yi kallo da ita.

Shawarata ga ƙungiyar da za ta gwada: ku fara da fayil uku marasa muhimmanci. Ku ɗora, ku duba ta ƙofa biyu, ku rubuta kalmomin a takarda, ku goge saitin, ku sake gina shi daga takardar. In sun buɗu, sai ku kawo takardun jama'a. Kuma duk shekara, ko duk lokacin da aka sauya shugabanni, a fito da ambulan a maimaita gwajin a gaban mutum biyu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, Ya tsare mu da dukiyoyinmu a inda muke nema.